Hattara da saƙon muryar “haɗin amarya” da ke yawo a guruf-guruf ɗin mata

'Yan uwa mata na Garwa, Marwa da Ngaundare, akwai wani salon tallar murya da ya cika guruf-guruf ɗin WhatsApp, kuma masu sayar da kayan kwalliya na gaskiya sun gaji da ɗaukar laifin da ba nasu ba. Muryar takan canza, lambar waya ma haka, amma tsarin maganar ɗaya ne, bai wuce daƙiƙa 40 ba.

Da sallama da addu'a take farawa, cikin taushin murya: “Hajiyata, uwargida ran gida, albishirinki.” Sai alkawari, wai haɗin amarya ne, kwana 7 fata ta yi haske, kuraje su ɓace, kuma babu kemikal ko ɗigo. Daga nan sai farashi: na sefa 15,000 ne amma yau kaɗai 8,000, saura kwalba goma. A ƙarshe ta ce kada a yi magana a guruf, a biyo ta ta gefe. A sake sauraro da kyau, za a ji ba ta faɗi sunanta ba, ba ta faɗi inda shagonta yake ba, ba ta faɗi abin da ke cikin man ba. Shi ya sa ta zaɓi murya maimakon rubutu, domin murya ba a bincika ta a waya kamar rubutu, kuma saƙo ɗaya zai yi wata shida yana cewa “yau kaɗai”. In kika ga kibiya biyu a saman saƙon, ya daɗe yana wucewa daga hannu zuwa hannu, wadda ta turo miki ma ba ta san mai shi ba.

In kin biyo ta gefe, za ta nemi rabin kuɗi, 4,000, ta Orange Money ko MTN MoMo. Sunan da ke kan lambar ba zai yi daidai da wanda ta ba ki a gefen ba, sai ta ce layin ƙaninta ne. Washegari hoton kwali ɗaure da sunanki zai iso, a ce an kai tashar mota, kuɗin aike 2,000. Bayan nan wani namiji ya kira, wai direba ne, an tsare kaya a hanya, a turo 1,500. Kin fitar da 7,500 ke nan ba ki ga ko murfi ba, sai ki tarar an toshe ki. Kowane biya ƙarami ne da gangan, don ki riƙa jin asarar na baya ta fi ƙarfin ki tsaya.

Wadda kayan suka iso mata kuwa, wani lokacin ita ta fi shiga uku. Roba ce fara ba takarda, ba ranar lalacewa, an dama mayuka iri-iri a ciki. Babu man kaɗanya ko kurkur da ke sauya launin mutum cikin mako guda. Abin da ke yin wannan saurin yawanci maganin asibiti ne mai ƙarfi irin su kilobetasol, wanda likita kan rubuta na 'yan makonni don ciwon fata. In aka ɗauki watanni ana shafa shi, fata takan yi siriri har jijiyoyi su fito kore, nankarwa mai faɗi ta keto a cinya da damtse, makero ya bazu, rauni ya ƙi warkewa. Haidurokinon kuma, wani sinadarin sa haske da ake zubawa a irin wannan haɗi, in ya daɗe yakan bar baƙin tabo a kumatu wanda da wuya ya fita, ga hasken ranar Garwa yana ƙara masa ƙarfi. Zaiba ita har ƙoda take taɓawa. Tun watan Agusta na 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana shigo da mayukan da ke ɗauke da haidurokinon da zaiba, da haɗa su da rarraba su. Mai shafa irin wannan haɗi ta kai robar wurin likita ya tsara mata yadda za ta bari, don yankewa lokaci guda kan tayar da ƙaiƙayi da jan fata.

Ke kuma mai sana'ar gaskiya, ki sa tallarki ta faɗi abin da tasu ke ɓoyewa:

“Assalamu alaikum, wance ce, mai shago a layi kaza cikin babbar kasuwar Garwa. Yau Talata, 3 ga wata. Ina da man kaɗanya tsantsa, roba mai giram 250, sefa kaza. Yana laushin fata da maganin kaushi lokacin hunturu, ba ya sa haske. Hoton robar gaba da baya yana ƙasa. Lambar biyan kuɗi da sunana take. A cikin gari sai kaya sun iso hannunki ki biya.”

Ki rubuta farashin da kwanan watan a ƙarƙashin muryar, kuma ki amsa tambayoyi a cikin guruf inda kowa ke gani. Masu kula da guruf su ma su nemi hoton shago da na takardar jikin kaya kafin su bar kowace talla ta tsaya.