Gajeren bidiyo ko dogo: wanne zai fara kawo wa mai gem na waya kuɗi?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina buga eFootball da Free Fire a waya, kuma ina so in buɗe tasha a YouTube ko zan riƙa samun ɗan na kashewa. Ba ni da kwamfuta. Shin gajerun bidiyo na Shorts zan riƙa ɗorawa, ko dogaye na minti goma? Wanne ya fi saurin kawo kuɗi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gajere ya fi saurin kawo mutane, dogo ya fi saurin kawo kuɗi. Idan dole sai ɗaya za ka zaɓa, ni dogon zan ba ka, amma bari in nuna maka lissafin don kada ka ɗauka ra'ayi ne kawai.

YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000, sannan ka cika ɗaya daga cikin sharuɗɗa biyu: ko dai a kalli dogayen bidiyonka na awa 4,000 cikin wata 12 da suka wuce, ko kuma gajerun su samu kallo miliyan 10 cikin kwana 90. Ba a haɗa su. Kallon da aka yi wa gajeren bidiyo a layin Shorts ba ya ƙara ko minti ɗaya a cikin awa 4,000 ɗin nan, kuma mutane da yawa ba sa gane haka sai sun yi watanni suna ɗora gajeru, sun leƙa sun ga ma'aunin awa bai motsa ba.

Raba miliyan 10 gida 90. Za ka samu kallo sama da 111,000 kowace rana, wata uku a jere, ba hutu. Bidiyo ɗaya ya yi tashe ba zai isa ba, domin kwanakin tafiya suke: abin da ka tara yau, bayan kwana 90 ya fita daga lissafi. Yanzu koma ɗaya ɓangaren. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. A ce bidiyonka na minti tara ne, kuma a matsakaici mutum yana kallon minti huɗu kafin ya fice. Kana buƙatar kallo 60,000 a shekara, wato kusan 165 a rana a kan duk bidiyon da ke tashar gaba ɗaya. Mai bidiyo arba'in, in kowanne ya samu mutum huɗu ko biyar a rana, ya kai. Wancan sai da sa'a mai yawa, wannan kuwa haƙuri yake so.

Akwai wani mataki na ƙasa da aka ƙaro a 2023, na mabiya 500 da awa 3,000 ko kallon gajeru miliyan 3, amma shi ba ya buɗe kuɗin talla. Abin da yake buɗewa galibi hanyar da masu kallo za su yi maka kyauta da kansu ce, kuma ƙaramar tasha ba ta cika samun abin kirki ta nan ba.

Ko bayan an karɓe ka cikin tsarin biyan YouTube, rabon ba ɗaya ba ne. A dogon bidiyo tallar a kan naka take, kuma kashi 55 cikin ɗari na kuɗinta naka ne. In bidiyon ya kai minti takwas kana iya sa talla a tsakiya ma. A Shorts kuwa tallar tana tsakanin bidiyon mutane ne, sai a tara kuɗin wuri guda, a raba bisa yawan kallo, kai kuma ka ɗauki kashi 45 na abin da ya faɗo kanka. Shi ya sa kallo dubu na gajere ke kawo ɗan abin da bai kai ya kawo ba idan aka gwada da kallo dubu na dogo. Sannan AdSense, wato hanyar Google da ake biyan ka ta cikinta, ba ta turo kuɗi sai sun kai dala 100. A ce, misali kawai, kowane kallo dubu na kawo maka dala ɗaya: sai an kalle ka sau 100,000 kafin ka ga biyan farko. Ainihin naka adadin za ka gan shi a YouTube Studio a wurin da aka rubuta RPM, kuma yana hawa da sauka gwargwadon ƙasashen da masu kallonka suke.

To ina gajere ya fi? Wajen kai ka gaban wanda bai san ka ba. Dogon bidiyo sai mutum ya ga hoton bango da taken, ya yanke shawara, ya danna. Gajere kuwa tura masa shi ake yi yana cikin jan allo, ko da tasharka jiya aka buɗe ta. Mabiya 1,000 ɗin farko sun fi sauƙin samuwa ta nan. Sai dai a sani, wanda ya bi ka don ƙwallon da ka ci daga tsakiyar fili cikin daƙiƙa ashirin, ba lallai ya zauna maka minti tara ba. Za ka iya tara mabiya dubu biyar ka ɗora dogo mutum tamanin su kalla.

Wajen aikin tacewa a waya ma akwai bambancin da ba a cika faɗa ba. Gem ɗin nan biyu da ka ambata a kwance ake riƙe waya a buga su, wato 16:9, kuma haka dogon bidiyo yake so, ba abin da za ka yanke. Gajere kuwa a tsaye yake, 9:16. Idan ka ɗauki hoto mai faɗin 1920 da tsayin 1080 ka yanko shi a tsaye, faɗin da zai rage maka 608 ne kacal, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. A Free Fire taswirar da ke kusurwa ta tafi ke nan, maɓallan harbi sun tafi, abokin gabar da ya ɓullo ta gefe ma ba a gan shi ba. A eFootball ɗan wasan da ya bugo kuros daga gefen fili yana waje. Mafita biyu ce. Ko ka bar hoton a kwance a tsakiya ka cika sama da ƙasa da rubutu, sai dai komai zai ƙanƙance. Ko ka yanko ka riƙa matsar da hoton yana bin ƙwallo da abin da manhajojin tacewa irin su CapCut da VN ke kira Keyframe: ka sa alama a inda motsin ya fara, ka je gaba, ka ja hoton, ka sa wata. Na biyun ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma daƙiƙa talatin na iya cinye maka rabin awa.

Wahalar dogo nauyi ne. Ɗauka a 1080p da 12 Mbps na cin kusan MB 90 a minti, don haka wasan minti ashirin ya kusa GB 2, ga kwafin da manhajar tacewa za ta fitar, ga datar ɗorawa. Kuma wayar tana buga gem tana ɗaukar allo lokaci guda, zafi take yi. Ni na taɓa ɗaukar wasa uku a jere wayar na caji. Da na buɗe a manhajar tacewa, farkon lafiya lau, amma daga minti na goma sha biyu sai ka ji ihun "ta shiga!" kafin ƙwallon ta bar ƙafar ɗan wasa. Hoton ya riƙa tsallake wasu ɓangarori saboda zafi, sautin kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Tun daga nan wasa ɗaya nake ɗauka, in tsaya, in cire rigar wayar, kuma ba na ɗauka tana caji. In wayarka ba mai ƙarfi ba ce sauka zuwa 720p. Hoto mai tafiya sumul a 720p ya fi mai kakkatsewa a 1080p.

Ga yadda zan yi da ni ne kai, da zama ɗaya a mako. Ka zaɓi gem ɗaya daga cikin biyun, don mai son ƙwallo ba lallai ya so harbe-harbe ba, kuma in ka cakuɗa su rabin mabiyanka za su riƙa wuce kowane sabon bidiyo. Mu ce eFootball. Kada ka ɗora wasa haka tsurarsa, ba wanda ke neman "wasana na yau". Ɗauki matsala ɗaya da mutane ke rubutawa a wurin bincike, kamar yadda ake tare mai kai harin ba-zata da zarar ya ƙwace ƙwallo. Shiga saitin gem ka kashe kiɗa ka bar ƙarar fili, domin waƙoƙin ciki suna da masu su, kuma in na'urar YouTube ta gane waƙar, kuɗin tallar bidiyon na iya komawa wurin mai ita. A manhajar ɗaukar allo zaɓi sautin cikin waya. Buga wasa biyu, kusan minti ashirin. Yanke jiran lodi da sauya 'yan wasa, ka bar wurare biyar ko shida da matsalar ta faru: biyu da aka ci ka, sauran da ka tare. Sannan ka ɗora muryarka a kai daga baya a wuri shiru, kana bayanin wa ka ja, wa ka bari, me ya sa. Muryar nan ba ado ba ce. Lokacin da ka nemi shiga tsarin biya ana duba tashar, kuma wadda ta cika da hotunan wasan wasu ba tare da wani ƙari naka ba ana iya ƙin ta a ƙarƙashin abin da suke kira Reused content.

Abin da ya fito, minti takwas zuwa tara, shi ne dogonka. Daga cikinsa ka yanko wurare uku mafi zafi, kowanne daƙiƙa ashirin zuwa arba'in, ka mai da su gajeru, ka sake su rana daban-daban. A kowanne ka saka dogon a wurin Related video, don wanda abin ya burge ya samu hanyar zuwa.

Wajen buɗe tashar kada ka ɓata lokaci kan tambari. Abu uku ne za su cije ka in ka manta. Tabbatar da lambar waya, don sai da shi za ka iya sa hoton bango naka da ɗora abin da ya wuce minti 15. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusun Google, ana neman ta kafin a karɓe ka. Na uku, tambayar da ake yi ko bidiyon na yara ne: don gem ne ba ya nufin na yara ne, kuma in ka zaɓi Made for kids za a rufe sharhi, tallar da ke biya sosai ma ta ragu.

Bayan bidiyo goma, buɗe Analytics, wato shafin alƙaluma a YouTube Studio, na kowane dogo ka dubi zanen da ke nuna inda mutane ke ficewa. In layin ya faɗi warwas a daƙiƙa talatin na farko, gaisuwarka ce ta yi tsawo, fara da ƙwallon da aka ci ka, gaisuwa ta biyo baya. In layin ya tsaya da kyau amma kallo kaɗan ne, bidiyon lafiyarsa ƙalau, take da hoton bango ne ba sa ja. Waɗannan biyun kana iya canza su ba tare da ka sake ɗorawa ba, sai ka ba shi mako guda ka sake dubawa.