Sharhi: gyaran saƙon godiya bayan intabiyu a wani shagon buga takardu na Garwa

Sefa 1,000 na biya, kuma zan sake biya, amma akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya kai nasa. Shagon na gefen unguwar Yelwa ne a nan Garwa, irin shagunan da ake buga takardu, a yi fotokwafi, a ɗauki hoton fasfo. Mai shagon tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma ban da bugu yana karɓar aikin duba rubutun Faransanci. Abin da muka kai masa imel ne na layi goma sha biyu, wanda ƙanwata ta rubuta don gode wa mutanen da suka yi mata intabiyu a kan aikin kula da sito a wani kamfanin kayan noma. Ita ta rubuta da kanta a waya. Da na karanta na ji akwai wuraren da ba su zauna ba, sai dai Faransancina na kasuwa ne, ba zan iya nuna inda matsalar take ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa kwamfuta ba sai da ya buga saƙon a takarda, ya ɗauki jan biro, ya zaunar da ita kusa da shi. Layin farko na godiyar haka yake:

"Je vous remerci pour l'entretient que vous m'avez accorder hier."

Kuskure uku a jimla guda, kuma ɗaya kaɗai wayarta ta ja wa layi, wato "remerci" da ya rasa harafin e a ƙarshe. Sauran biyun sun wuce salin-alin, domin kalmomi ne na gaskiya, sun dai zauna a inda ba nasu ba. "Entretient" mai t a ƙarshe aikatau ne, sunan ganawar kuwa "entretien" ne, babu t. Haka "accorder" da "accordé", a baki sautinsu ɗaya, shi ya sa wanda ya koyi harshen da kunne fiye da littafi yake yawan faɗawa wannan ramin. Mu a nan yaro yana tashi da Hausa a gida, Fulatanci a titi da kasuwa, Faransanci sai a aji, don haka ba abin mamaki ba ne a ga mai magana tiryan-tiryan amma ƙarshen kalmominsa a rubuce ya rikice. Malam ya koya mata dabarar da yake koya wa 'yan firamare: duk inda take shakka, ta cire aikatau ɗin ta sa "vendre" a wurinsa. In kunne ya karɓi "vendu", to é ake rubutawa. In "vendre" ya karɓa, er ne. Ta gwada da bakinta, "que vous m'avez vendu", ta yi dariya ta gyara da kanta.

Ya kuma kama wani wanda da ni ne har abada ba zan gani ba. Ta rubuta "je reste très interessé", babu alama a kan e na farko, kuma a sigar namiji. Ya mai da shi "intéressée". Ya ce mai ɗaukar ma'aikata in ya ga mace ta sa hannu a saƙo mai sigar namiji, abin da zai fara zuwa masa shi ne kwafowa ta yi daga wani wuri, ko wani ya rubuta mata. Ga mai neman aikin sito, inda harafi ɗaya a lambar kaya kan sa buhun taki ya ɓace a lissafi, irin wannan zato ba ƙaramar illa ba ce.

Duban haruffa kowane mai Faransanci mai kyau zai iya. Inda kuɗina ya halatta shi ne wajen jimlolin da ba kuskure ba ne amma suna da nauyi. Ƙanwata ta buɗe saƙon da doguwar gaisuwar nan da kowa ya haddace a Kamaru don takardar neman aiki, mai farawa da "Je viens très respectueusement auprès de votre haute bienveillance". Malam ya ja mata layi gaba ɗaya. Ya ce: "'Yata, wannan sallama ce ta wanda bai shiga gida ba tukuna. Ke kin shiga, an ba ki kujera, kun yi magana. Gode musu kawai." Saƙon ya koma farawa da godiyar kai tsaye. Akwai wata jimla kuma da ta miƙe layi huɗu, an ɗaure ta da "et" bayan "et". Bai canza kalmominta ba, aya ya sa a wuri biyu, ta zama jimla uku.

Wuri ɗaya ya tsaya ya tambaye ta kafin ya taɓa. Ta rubuta cewa tana cikin tsananin bukatar aikin saboda halin gida. Ya ce rubutun daidai ne a nahawu, kuma ba hurumin mai gyara ba ne ya cire abin da mai saƙo yake son faɗa, amma shawararsa ita ce saƙon godiya ba wurin roƙo ba ne, kamfani yana neman wanda zai riƙe masa sito ne. Ta yi shiru, ta dube ni, na ce nata ne. Ta ce a cire.

Abin da ya bari ya fi abin da ya cire muhimmanci a wurina. A lokacin intabiyu an tambaye ta abin da za ta yi in adadin da ke katin kaya ya saɓa da abin da ta ƙirga a sito, kuma a saƙon ta koma kan wannan tambaya da jimla biyu: cewa ta ji daɗin tattaunawar, kuma tana ƙirga kaya a gaban direba kafin ta sa hannu a takardar karɓa. Faransancin wurin mai sauƙi ne ƙwarai, har ni na ce masa ko zai ɗan ƙawata shi. Ya ƙi. Dalilinsa shi ne mutanen sun saurare ta kusan rabin awa, sun san yadda take magana. In imel ya iso da Faransancin lauya, za su gane ba ita ba ce, daga nan kuma duk saƙon ya zama na banza. Waƙafi ɗaya ya ƙara a wurin. Na ga masu shago da yawa da in ka ba su takarda sai su buɗe wani tsohon fayil, su canza suna da kwanan wata, su miƙo maka irin wasiƙar da suka ba mutum goma kafin kai. Wannan bai yi haka ba, kuma da aka ɗora tsohon rubutu kusa da sabo, kusan duk kalmomin nata ne.

A rufewa ta rubuta "Dans l'attente de votre réponse, veuillez agréer", yadda ake gani a takardu da yawa har na ofisoshi. Ya nuna mata cewa mai jiran amsa ita ce, alhali "veuillez" da mai karatu yake magana, don haka jimlar ta fara da mutum ɗaya ta ƙare da wani. Ya mai da shi "je vous prie d'agréer". Ya ce a imel "Cordialement" ma ya wadatar, amma tun da wannan ne saƙonta na farko gare su kuma manyanta ne, gara ta riƙe cikakkiyar rufewar.

Yanzu ga inda aikin ya gaza. Malam yana duba harshe ne, ba ya tambayar gaskiyar abin da ke ciki. An yi intabiyu ranar Talata, ta rubuta saƙon Laraba, shi ya sa ta ce "hier", jiya. Mun je shagon da yammacin Laraba, muka tarar da layin masu fotokwafi, ga wuta ta ɗauke, aikin bai kammala ba sai bayan isha'i. Imel na aiki ba a tura shi da dare haka, sai aka bar shi zuwa safiyar Alhamis. Kalmar "hier" tana nan daram a rubutun da ya gyara, alhali jiya ta zama shekaranjiya. Mai gyara da ya san lokacin da ya gama aiki ya kamata ya tambayi yaushe za a tura. Ƙanwata ce ta lura tana shirin dannawa, ta mai da shi "mardi", da ƙaramin harafi yadda ake rubuta ranaku a Faransanci. Haka gaisuwar sama: ya bar "Monsieur le Directeur" domin daidai yake a rubuce, amma wadda ta jagoranci intabiyun kuma ta ba ta adireshin imel mace ce. Bai tambaya ba. Wannan ma ita ta gyara zuwa "Madame".

Bai duba layin "Objet" ba, wato taken imel ɗin, domin ba ya cikin takardar da aka buga, kuma mu ba mu kawo zancen ba. Sai a gida muka sa godiya da sunan muƙamin da ranar intabiyu, a gajarce. A ganina wanda ke karɓar kuɗi a kan gyaran imel ya kamata ya ɗauki wannan layin a matsayin ɓangaren aikin, tun da shi ake fara gani, kuma da shi ake neman saƙo in an zo tantance mutane.

Sai yadda ya miƙo aikin. Ta WhatsApp ya turo, a saƙonni uku. In aka zaɓi saƙo fiye da ɗaya aka kwafa tare, suna zuwa da sunan mai turowa da lokaci a gaban kowanne, kuma da haka suka faɗa cikin imel ɗin. Da an tura ba a duba ba, da kamfanin ya ga sunan shagon a tsakiyar godiyar. Duk wanda zai kai aiki ya ce a turo masa a saƙo guda, sannan ya fara tura imel ɗin zuwa adireshinsa na kansa, ya buɗe ya karanta daga sama har ƙasa kafin ya sa adireshin kamfani.

Game da farashi, sefa 1,000 a kan layi goma sha biyu wasu za su ce da tsada, tun da bugun shafi bai kai haka ba ko kusa. Ni na ɗauke shi kuɗin zaman da ya yi da ita yana bayyana dalilin kowane jan layi, kuma takardar mai jan biro ya bar mata, ta ajiye ta cikin fayil ɗin takardunta. Wanda ya riga ya rubuta abinsa, yana son a share masa kurakurai a bar masa maganarsa, nan ne wurin zuwa. Ya je da safe kafin 'yan makaranta su cika shagon, ya tafi da sunan wanda zai tura wa da muƙaminsa a rubuce, ya kuma faɗi ranar da zai tura tun kafin a fara. Wanda yake son a rubuta masa daga farko ya nemi wani shagon, don na ji Malam yana mai da wani saurayi da ya zo hannu rabbana, ya ce ya je ya rubuto ko layi biyar ne tukuna.