Wata guda da rancen da ya zarce asusuna: yadda na bi lissafin kuɗin ruwan banki rana bayan rana

A watan Satumba na yi amfani da damar da bankina ya ba ni ta cirar kuɗi fiye da abin da ke cikin asusuna. Takardar yarjejeniyar ta ce iyakar abin da zan iya zarcewa shi ne 400,000, kuɗin ruwa kuma kashi 18.25 cikin ɗari a shekara, wanda za a riƙa lissafawa kullum a kan bashin da ya kwana a asusun, a cire shi gaba ɗaya a ƙarshen wata. Ta fuskar sauƙin aiki ba ni da ƙorafi, domin duk lokacin da na buƙaci biyan wani abu kuɗin ya fita nan take. Abin da ya sa na rubuta wannan sharhi shi ne adadin da aka cire mini a daren 30 ga wata, wato 2,889.58, alhali ni lissafina ya tsaya a kan 2,550.

Ga yadda na yi nawa lissafin. Kwanaki shida na farko akwai kuɗi a asusun, saboda haka babu ruwa a kansu. Daga 7 zuwa 16 ga wata banki yana bi na 200,000, kwana goma ke nan. Ranar 17 na ƙara cirar 150,000, bashin ya koma 350,000, ya zauna haka har ranar 25 da na shigar da cek na 300,000, wanda a zatona ya mayar da bashin 50,000 tun daga wannan rana zuwa ƙarshen wata. Ƙa'idar ita ce a ninka kowane bashi da yawan kwanakin da ya yi bai canja ba, sannan a tara. Kwana goma a kan 200,000 sun ba da 2,000,000, kwana takwas a kan 350,000 sun ba da 2,800,000, kwana shida a kan 50,000 kuma sun ba da 300,000, jimla 5,100,000. Idan aka raba kashi 18.25 da kwanakin shekara 365, ruwan kowace rana zai zama kashi 0.05 cikin ɗari, wato kowane 100,000 da ya kwana yana jawo 50. Da wannan ma'auni 5,100,000 ya ba da 2,550. Tazarar da ke tsakanina da banki ita ce 339.58, kuma ko da ba ta da yawa, ban yarda in bar ta ba tare da na san inda ta fito ba, domin kuskuren da ba a gano ba a wata ɗaya zai maimaita kansa a kowane wata.

A nan ne raunin manhajar bankin ya bayyana. Layi ɗaya tak ta nuna mini, mai ɗauke da jimlar kuɗin ruwa, ba tare da bayanin kwanaki ko bashin kowace rana ba. Sai da na sauke cikakkiyar takardar bayanin asusu sannan na ga cewa kowace shiga da fita tana da kwanan wata biyu. Na farko ranar da aka rubuta abin a asusu, na biyu kuma, wanda ke ƙarƙashin `Value Date`, ranar da banki yake ɗaukar kuɗin a matsayin wanda ya shiga da gaske. Cek ɗin da na kai ranar 25 na wani banki ne, kuma kwanan wata na biyu da aka sa masa shi ne 27. Manhajar ta nuna mini bashin ya ragu tun ranar 25, amma wajen lissafin ruwa ana ci gaba da bi na 350,000 a daren 25 da na 26. Da na gyara, kwanakin 350,000 suka zama goma maimakon takwas, na 50,000 suka koma huɗu, jimlar ta tashi zuwa 5,700,000, ruwan kuma ya zama 2,850. Kwana biyun nan kaɗai sun ci 300. Ba na ganin laifin banki a kan jiran da ya yi har cek ɗin ya tabbata, domin kafin nan kuɗin bai zo hannunsa ba. Laifin da nake gani shi ne nuna wa mai asusu adadi ɗaya a fuskar waya, a yi masa lissafi da wani adadin da sai ya tona kafin ya gan shi.

Saura 39.58. Wannan ya fi ba ni wahala, domin babu wata shiga ko fita da za ta bayyana shi. Abin da ya buɗe mini hanya shi ne raba adadin banki da nawa: 2,889.58 a kan 2,850 ya ba da kusan 1.0139, wanda shi ne daidai abin da ake samu idan aka raba 365 da 360. Na koma ga yarjejeniyar, na tarar a cikin ƙananan rubutu an sa `Actual/360`, ma'ana ana ƙirga ainihin kwanakin da bashin ya yi, amma ana raba ruwan shekara da 360. Tsari ne sananne a harkar banki, ba ƙirƙirar wannan bankin ba ce, sai dai sakamakonsa shi ne wanda ya riƙe bashi shekara cur zai biya kusan kashi 18.5 cikin ɗari, alhali 18.25 aka rubuta da manyan haruffa. Duk wanda ya ga lissafinsa ya gaza na banki da kusan kashi 1.4 cikin ɗari na adadin ruwan, to ya fara duba wannan wurin kafin ya zargi wani abu dabam.

Na sake gwadawa a jadawalin kwamfuta, na sa bashi a layin B, kwanaki a layin C, na rubuta:

```
=SUMPRODUCT(B2:B4,C2:C4)*0.1825/360
```

Amsar ta fito 2,889.58, daidai da abin da aka cire. Ke nan lissafin bankin ba shi da kuskure, kuma na faɗi haka ne bayan na tabbatar da kaina.

Akwai abin da wannan tsari ya fi rance mai tsayayyen wa'adi da shi, kuma na amfana da shi. Tunda bashin da ya kwana ake dubawa, duk kuɗin da na shigar yana rage ruwa daga ranar da ya tabbata, ko da zan sake cire shi bayan kwana uku. Haka kuma ba a ɗora mini ruwa a kan 400,000 ɗin da aka amince mini ba, sai a kan abin da na ci kawai. A ɗaya ɓangaren, ranakun da banki ba ya aiki ma ana ƙirga su, don haka bashin da ya shiga ƙarshen mako yana ɗaukar ruwan kowace rana har a buɗe. Sannan da aka cire 2,889.58 daga asusun da dama bashi ne a kansa, na shiga Oktoba ana bi na 52,889.58, kuma daga nan ruwan Satumba shi ma ya fara jawo nasa ruwan. Da a ce bashin yana dab da iyaka, wannan cirewar kaɗai za ta iya tsallakar da ni 400,000, inda yarjejeniyar ta tanadi ruwa mafi tsada a kan abin da ya haura.

Zan ci gaba da amfani da wannan dama idan giɓin na 'yan kwanaki ne kuma na san ranar da kuɗi zai shigo, amma na daina rufe bashin da cek, na koma tura kuɗi kai tsaye, wanda kwanan watansa biyu suka zo ɗaya a duk lokutan da na duba. Na kuma rubuta wa bankin ina neman su sa jerin bashin kowace rana, da adadin kwanakin da suke raba ruwan shekara da shi, a ƙarƙashin layin kuɗin ruwa a manhajar, tunda da waɗannan bayanai suke yin lissafin, kuma da na gan su tun farko da cikin minti biyar na gama abin da ya ɗauke ni yini biyu.