Maki 82 a wani shafi, kashi 46 a wani: wanne ne gaskiyar CV ɗinka?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman aikin jami'in kuɗi a wata ƙungiyar agaji. Na ɗora CV ɗina a wani shafin dubawa na kyauta ya ba ni 82, wani kuma ya ba ni kashi 46. Wanne zan kama? Ko 46 ɗin na nufin na'ura za ta watsar da ni tun kafin mutum ya gani?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, tuna abin da kowane shafi ya nema a wurinka. Ina kyautata zaton na farko CV kaɗai ya karɓa, na biyu kuma ya ce ka liƙa masa sanarwar aikin ma. Idan haka ne, babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, abu daban-daban suka auna.

Na farko tsarin takardar yake dubawa, irin abin da Score My Resume na Resume Worded ke yi. Yana duba tsawonta, ko akwai sassan da aka saba gani kamar ilimi da gogewar aiki, ko ka sa alƙaluma a bayanin ayyukanka, ko kana yawan maimaita kalma ɗaya, ko akwai kuskuren rubutu. To 82 ɗinka na cewa takardar ta tsaru, shi ke nan. Bai ma san aikin da kake nema ba. Da aikin jinya za ka nema da wannan takardar, 82 ɗin zai sake ba ka.

Na biyu, irin Jobscan, kwatanta rubutu biyu yake yi. Yana tsinto kalmomin ƙwarewa daga sanarwar aiki, sannan ya neme su a CV ɗinka. A nan ya kamata ka tsaya, domin wannan makin ne ke ɗaga wa mutane hankali.

Bari mu ɗauki misali. A ce sanarwar ta ƙunshi abubuwa goma sha biyu: bank reconciliation, payroll, QuickBooks, Excel, budget monitoring, donor reporting, petty cash, audit, PAYE, withholding tax, procurement da ICAN, wato shaidar ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya. A CV ɗinka biyar ne suka fito da waɗannan sunayen: Excel, payroll, petty cash, audit da procurement. Biyar cikin goma sha biyu kusan kashi 42 ke nan. Kowane shafi yana da nasa lissafin, wasu na ƙara nauyin sunan muƙami da matakin karatu, amma tushen abin bai wuce wannan ƙidayar ba.

Yanzu duba ayyukan da ka rubuta. Wataƙila ka ce duk ƙarshen wata kana daidaita littafin kuɗin ofis da takardar bayanin banki. Ai wannan shi ne bank reconciliation, sunan ne kawai ba ka kira ba. Ka ce kana cire harajin ma'aikata daga albashi kana kai wa hukumar haraji ta jiha, wato PAYE. Ka ce kana bibiyar abin da aka kashe kana gwada shi da kasafi, wato budget monitoring. Da zarar ka kira waɗannan ukun da sunan da sanarwar ta kira su, ka koma takwas cikin goma sha biyu, kusan kashi 67. Ba ka ƙara gogewar ko kwana ɗaya ba, amma makin ya haura da 25. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa kalmomi yake aunawa, cancanta kuwa ba ya ganin ta.

Gyaran nan halak ne, kuma ina ba ka shawarar ka yi shi, domin mai tantancewa ma da sunayen nan yake bincike. Sauran huɗun fa? Idan ba ka taɓa aiki da QuickBooks ba, ba ka da ICAN, kada ka rubuta su don maki ya tashi. Jobscan na ba da shawarar a nemi kashi 75, amma wannan ma'auninsu ne su, ba sharaɗin wani mai ɗaukar aiki ba. Dabarar nan ta cusa kalmomi a CV da rubutu mai farin launi don kada ido ya gan su kuwa ka guje ta. Idan manhaja ta zare rubutun daga takardar, launi ba ya bin sa, komai zai fito fili a gaban mai dubawa.

Abin da makin ba zai iya gaya maka ba ya fi abin da yake faɗa yawa. A ƙidayarsa petty cash da donor reporting na iya zama kusan daidai. A wurin ƙungiyar agaji kuwa, rubuta wa masu ba da tallafi rahoton yadda aka kashe kuɗinsu na iya zama ainihin dalilin buɗe gurbin. Mai kashi 55 da ya shekara uku yana wannan rahoton zai iya shan gaban mai kashi 85 da bai taɓa yi ba. Shafin bai san mutum nawa suka nema ba, bai san su waye ba, bai kuma san abin da shugaban sashen kuɗi ya gaya wa ma'aikatan ɗaukar aiki da baki ba.

Game da tsoron da ka ambata, 46 ɗin nan a wayarka ya tsaya, ƙungiyar ba za ta taɓa ganin sa ba. Manyan ma'aikatu na amfani da manhajojin tattara masu neman aiki da ake kira ATS, irin su Workday, Taleo, Greenhouse da Lever. Babban aikinsu karɓar takardu ne, su rarraba bayanan, su ba ma'aikaci damar bincike da tacewa. Wasu na jera masu nema bisa dacewa, amma da nasu lissafin da nasu saitin, wanda shafin kyauta ba shi da hanyar leƙawa. Inda aka fi cire mutum kai tsaye shi ne tambayoyin fom: shekara nawa ka yi kana aiki, kana da shaidar bautar ƙasa ko ta yafewa, wane matakin digiri ka fita da shi. Amsa ɗaya da ta saɓa wa sharaɗi na iya rufe ƙofa ko da CV ɗin ya ci ɗari. Kuma a Najeriya gurabe da dama ta imel ko Google Forms ake nema, mutum ne zai buɗe takardar da idonsa.

Akwai abu ɗaya da shafukan biyu ke taimakawa a kai da gaske: ko na'ura na iya karanta fayil ɗinka. Wannan ma za ka iya gwadawa da kanka. Buɗe PDF ɗin, zaɓi rubutun duka, kwafe shi ka liƙa a Notepad. Idan ya ƙi zaɓuwa, to hoto ne, kamar wanda aka ɗauka da waya ko aka yi sikanin ɗinsa a shagon kwamfuta. Idan kuma ya fito a cakuɗe, shekarun aiki sun shige cikin jerin ƙwarewa, yawanci tsarin nan ne mai raba shafi gida biyu da akwatunan ado ya jawo. Ka sake shi a Word, rubutu a jere daga sama zuwa ƙasa, lambar waya da imel a jikin takardar ba a cikin header ba.

Ka kuma sani cewa dubawar kyauta ƙofar kasuwa ce, yawancin shafukan na son ka biya kuɗin rajista ko na gyaran CV. Kafin ka ɗora, cire adireshin gida, ranar haihuwa da lambobin wayar mutanen da ka sa a matsayin masu shaidarka.

Don haka ka bar 82 ɗin a gefe, ya gama aikinsa. A na 46 ɗin, tsallake lambar ka gangara jerin kalmomin da ya ce babu, ka raba su biyu: waɗanda ka yi amma ba ka ambata ba, da waɗanda ba ka taɓa yi ba. Na farko ka saka su cikin jimlolin da ke nuna inda ka yi aikin da girmansa, misali albashin ma'aikata nawa kake shiryawa a wata. Na biyun ka gwada su da sashen da sanarwar ta kira Required ko Essential. Idan galibinsu a can suke, ka nemi gurbin da ya fi kusa da gogewarka. Idan a Desirable suke, tura takardarka. Allah ya sa a dace.