Falfotomi da hular ƙarfe a turmin yarinya 'yar shekara 5: abin da na gani bayan an yi aikin

Idan turmin haƙorin yaro ya yi kogo har ruɓar ta kai ɓargo, wato tattausan naman da ke tsakiyar haƙori mai jijiya da jini, abin da mafi yawan iyaye ke nema shi ne a cire shi a huta, tunda dai haƙorin nono ne, ko ba jima ko ba daɗe zai faɗi. 'Yata an yi mata akasin haka. Likitar haƙoran yara ta kwashe ɓargon saman haƙorin, aikin da suke kira falfotomi, sannan ta rufe shi da hular ƙarfen da ba ya tsatsa. Yanzu da aikin ya kwana biyu, hukuncina shi ne ya yi amfani, amma ba kowane haƙori ya cancanci a yi masa ba, kuma akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba.

Haƙorin da ake magana shi ne turmi na biyu, na can ƙurya, a muƙamuƙin ƙasa ta hagu. Yarinyar tana da shekara 5 a lokacin. Wannan lissafin shekarun shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Mun saba ganin famfara tana farawa a wajen shekara 6, sai mu ɗauka duk haƙoran nono 20 ɗin tare suke tafiya. Na gaba ne ke faɗuwa a wannan lokacin. Turmi na biyu yakan zauna har shekara 10 zuwa 12, domin wanda zai gaje shi yana kwance cikin ƙashi a ƙarƙashin saiwoyinsa, bai gama girma ba. Ke nan haƙorin 'yata yana da sauran aikin shekara 5 zuwa 7 a gabansa.

Taunar ma ba ita ce babbar damuwa ba. A wajen shekara 6 akwai wani turmi na dindindin da ke fitowa a bayan wannan haƙorin, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba, shi ya sa iyaye da yawa ba sa ma lura da shi. Yana fitowa ne yana jingina da bayan turmin nonon, shi ke nuna masa inda zai tsaya. Idan aka cire na nonon kafin lokacin, sabon sai ya karkato gaba ya cinye giɓin. Ranar da magajin ya tashi fitowa sai ya tarar da ƙofa a tsuke: ko ya ɓullo ta gefen harshe, ko ya maƙale cikin ƙashi, daga nan sai maganar wayar gyaran haƙora. Likitar ta nuna mini wannan a hoton eksire, ga turmin shekara 6 yana daf da hudo dasashi, ga ɗan magajin can ƙasa ko saiwa bai yi ba.

Na tambaye ta ko ba a sa wani abu ya riƙe giɓin idan an cire. Ta ce, “Ana sawa, Malam, amma zoben a jikin haƙorin baya ake ɗaura shi, ita kuwa nata bai fito ba tukuna. Wanda ake yi a irin wannan halin sai an cusa ƙarfe cikin dasashi, kuma yana da wuyar kula. Haƙorinta ya fi duk abin da zan ƙera mata.”

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta yi alkawarin ceto haƙorin ba sai da ta yi tambayoyi. Ciwon yana zuwa ne lokacin cin abinci ya lafa daga baya, ko kuwa yana tashin ta cikin dare haka kawai? Ta taɓa kumburi a kunci? Ta duba dasashin ko akwai ɗan ƙurji mai fitar da mugunya, ta girgiza haƙorin ta ji ko yana motsi, ta kuma duba hoton ko akwai duhu a tsakanin saiwoyin, domin a turmin nono nan ne ciwo ke fara cin ƙashi. Dalilin tambayoyin shi ne falfotomi ya dogara ne kacokan a kan abu ɗaya: ɓargon da ke cikin saiwoyi ya kasance da ransa da lafiyarsa. Ciwon dare, ƙurji, motsi da duhun hoto duk suna nuna cutar ta riga ta sauka ƙasa. A nan kwashe na sama kawai rufe wuta ne da toka. Sai dai a wanke saiwoyin gaba ɗaya, ko a cire haƙorin, domin mugunyar da ta daɗe a wurin tana iya ɓata fuskar haƙorin dindindin da ke ƙasa. 'Yata ciwon cin abinci kawai take yi, hoton kuma ya fita lafiya.

Aikin a zama ɗaya aka yi shi. An shafa maganin kashe zafi a dasashi, aka yi allura, aka shimfiɗa wata 'yar roba mai huda wadda haƙorin kaɗai ke leƙowa ta cikinta, don kada miyau ya shiga. Ta kankare ruɓar, ta buɗe rufin ɗakin ɓargon, ta kwashe abin da ke ciki har zuwa bakin saiwoyin. Daga nan ta danna ɗan auduga mai laima ta jira 'yan mintoci. Wannan jiran shi ne jarrabawa ta ƙarshe, kuma ta gaya mini tun farko cewa shawara na iya canjawa a daidai nan. Idan jinin ja ne garau kuma ya tsaya, ɓargon saiwa lafiya yake. Idan ya yi duhu ya ƙi tsayawa, ko kuma ba jinin ma sam, an makara. Na 'yata ya tsaya. Ta shimfiɗa wani farin siminti na musamman a kan bakin saiwoyin, wanda ta ce shi ya maye gurbin fomokirisol, tsohon maganin da aka daɗe ana amfani da shi a wannan aikin, sannan ta cike ɗakin.

Hular ce na fi jayayya a kanta, domin ni farin ciko nake so, wanda ba mai gani. Hujjarta ta fi tawa. Ɓawon haƙorin nono siriri ne, kaurinsa bai wuce kimanin milimita 1 ba, kusan rabin na babba, ɗakin ɓargonsa kuma faffaɗa ne. Wannan ne ma ya sa ɗan kogon da ido ke rainawa yake isa ɓargo da wuri. Bayan an kwashe ruɓa an buɗe ɗakin, abin da ya rage ganuwa ce siririya kewaye da rami. Ciko a irin wannan wurin yakan tsage ko ya bar 'yar kafa a gefe, ƙwayoyin cuta su bi ta nan su gangara zuwa ɓargon da aka sha wahalar tsarewa. Sau da yawa idan falfotomi ya lalace, yoyon rufin ne sanadi. Hula kuwa tana lulluɓe haƙorin ta kowane ɓangare har ta ɗan nutse ƙarƙashin dasashi. Ba sabon abu ba ne, tun wajajen 1950 likitoci ke sa ta a bakin yara.

Ba a auna baki a aika a ƙero ta. Tana zuwa ne a ƙere, girma-girma cikin akwati. Likitar ta rage saman haƙorin da kamar milimita 1 zuwa 1.5, ta ɗan sassabe gefunansa, ta gwada wata ta yi yawa, ta gwada wata ta shige da ɗan ƙara, ƙyat. Ta lanƙwasa bakinta ya kama wuyan haƙorin, ta cika ta da siminti, ta ce wa yarinyar, “'Yan mata, ciza da ƙarfi.” Sauran simintin da ya tsatso ta share shi da zaren sakace.

Abubuwan da ban so ba su ne waɗannan. Na farko, ana ganinta. Duk lokacin da yarinyar ta buɗe baki tana dariya sai ƙarfen ya ƙyalla, mutane su yi ta tambaya. Akwai farar hula ta zakoniya, amma ita ba ta lanƙwasuwa, saboda haka sai an ci haƙorin da yawa kafin ta zauna, kuma a haƙorin ƙurya ban ga abin da zai sa a yi hakan ba. Na biyu, allurar muƙamuƙin ƙasa tana kashe leɓe na wasu sa'o'i, yaro kuma yana jin abin banbaraƙwai sai ya yi ta tauna shi. An gargaɗe mu, duk da haka washegari leɓen ya kumbura ya yi fari a ciki, abin tsoro ga wanda bai san dalili ba. Ya warke da kansa. Na uku, a kwanakin farko ta yi ta cewa haƙorin ya fi sauran tsawo, dasashin kewayensa kuma yana ɗan jini idan an goge. Cizon ya daidaita da kansa, jinin kuma ya tsaya da muka ci gaba da goge wurin. Barin gogewa don tausayi shi ke ƙara kumbura shi. Wanda ɗansa ke yin ƙaiƙayi ko ƙuraje idan ƙarfe ya taɓa fatarsa ya faɗa wa likita tun kafin a fara, domin akwai sinadarin nikel a cikin hular.

Akwai kuma abin da na ga bai kamata a ɓoye wa iyaye ba: haƙorin da aka yi wa falfotomi yana iya lalacewa shiru, ba ciwo ba kuka. Ɓargon saiwa na iya mutuwa daga baya, ko ya fara cin saiwar daga ciki, kuma hula ta rufe komai, ido ba ya gani. Saboda haka komawa dubiya da sake hoto suna cikin aikin. A gida abin da nake yi shi ne in ɗaga kuncinta lokacin goge baki in duba dasashin gefen hular ko ƙurji ya fito, in taɓa haƙorin in ji ko yana motsi tun lokacinsa bai yi ba. Abu mai danƙo irin cingam an ce a rage, don yana iya fizgo hular. Idan ta fita a adana ta a koma da ita da wuri, yawanci ana mayar da ita.

A dubiyar baya-bayan nan hoton ya nuna ƙashin tsakanin saiwoyin garau, turmin shekara 6 ya fito ya tsaya a miƙe a bayan hular, magajin kuma yana nan yana girma a gurbinsa. Ba za a cire hular ba. Idan lokaci ya yi, saiwoyin za su narke kamar na kowane haƙorin nono, haƙorin ya faɗi da hularsa a kai. Da a ce shekarunta 10 ne lokacin da kogon ya kai ɓargo, saiwoyin sun narke fiye da rabi magajin na daf da fitowa, likitar ta ce cirewa za ta yi, ni ma kuma ba zan nemi a yi wani abu daban ba.