Backspace ya mutu: SharpKeys ko PowerToys, wanne za a ɗora wa Caps Lock?

"Salam 'yan'uwa. Maɓallin Backspace na laftof ɗina ya daina aiki, Windows 10 ce, ram 4, kuma ina tsakiyar buga furojet. An ce zan iya mayar da Caps Lock ya riƙa gogewa. Wani ya ce PowerToys, wani ya ce SharpKeys. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ɗauki SharpKeys. Dalili shi ne su biyun ba wuri ɗaya suke aiki ba, kuma wannan bambancin shi ne zai dame ka ko ya hutar da kai.

Kowane maɓalli a kibod yana da lambarsa da yake aika wa kwamfuta idan an danna shi. Lambar Caps Lock ita ce 3A, ta Backspace kuma 0E. Windows tana da wani wuri mai suna Scancode Map a cikin Registry, wato ma'ajiyar saitunanta, wanda take karantawa duk lokacin da aka kunna ta. Idan aka rubuta a wurin cewa "duk sanda kika ji 3A ki ɗauke shi a matsayin 0E", to magana ta ƙare, tun kafin ka sa kalmar sirri Caps Lock ya riga ya zama Backspace. Matsalar kawai ita ce Windows ba ta ba ka wani shafi a Settings da za ka yi wannan da linzami ba. Aikin SharpKeys ke nan: ya rubuta maka wannan layin ya koma gefe. Bayan ya rubuta, ko ka goge shi daga kwamfutar gyaran yana nan daram. Ba ya zama a bayan fage, ba ya cin ram ko kaɗan, wajen saukewa ma ko megabait 5 bai kai ba.

Ni da shi na ceci tsohuwar kwamfutar shagona. Maɓallin Enter ne ya mutu mata ana tsakiyar lokacin cike fom ɗin jarrabawa, ga layin ɗalibai har bakin ƙofa. Na mayar da Shift na dama ya zama Enter, tunda yana ƙasansa kai tsaye, yatsa ba ya ma ɓata hanya. Yarinyar da take mana bugu ta saba da shi kafin la'asar. Har aka sayar da kwamfutar ba mu canja mata kibod ba, sai dai na gaya wa mai sayen gaskiyar abin da ke ciki.

Ga yadda za ka yi naka. Ka sauko da shi daga Microsoft Store ko daga shafin mai shi a GitHub, kyauta ne. Idan ka buɗe zai nemi izinin mai kula da kwamfuta, ka amsa masa. Danna Add, za ka ga jeri biyu. Na hagu shi ne maɓallin da za ka sadaukar, a nan ka zaɓi Special: Caps Lock (00_3A). Na dama shi ne aikin da kake so ya riƙa yi, ka zaɓi Special: Backspace (00_0E). A nan mutane suke yawan juya abin, su sa mataccen maɓallin a hagu, su kashe su kunna su ga babu abin da ya canja sai su ce manhajar ba ta aiki. Mai rai a hagu, aikin mamacin a dama. Akwai wani maɓalli a ƙarƙashin kowane jeri mai suna Type Key da yake gane abin da ka danna. Zai yi maka amfani a hagu, amma a dama ba zai ji Backspace ɗinka ba tunda ba ya aika komai, dole ka nemo shi a jerin da hannu. Daga nan OK, sai Write to Registry, sai ka sake kunna kwamfutar. Kafin ka sake kunnawa ba za ka ga wani canji ba, kada ka tsorata.

Idan data ta yi maka wuya, ba ka ma buƙatar sauko da komai. Buɗe Command Prompt ta Run as administrator ka rubuta wannan a layi ɗaya:

```
reg add "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Keyboard Layout" /v "Scancode Map" /t REG_BINARY /d 0000000000000000020000000E003A0000000000 /f
```

Doguwar lambar ba sihiri ba ce. Sifili 16 na farko buɗewa ce kawai. 02000000 yana nufin gyara ɗaya ne tare da alamar rufewa. 0E00 shi ne sabon aikin, 3A00 shi ne maɓallin da aka karɓe, sifili 8 na ƙarshe kuma rufewa. Ka lura sosai, sunan wurin Keyboard Layout ne, babu harafin s a ƙarshe. Akwai wani kusa da shi mai suna Keyboard Layouts, wancan na harsunan kibod ne, kada ka taɓa shi. Ranar da ka canja kibod kana son komai ya koma yadda yake, wannan zai share gyaran, sai ka sake kunnawa:

```
reg delete "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Keyboard Layout" /v "Scancode Map" /f
```

Shi kuma PowerToys, ba zan ce ba ya aiki ba. Na Microsoft ne, kyauta ne, sashensa mai suna Keyboard Manager yana canja maɓalli nan take ba sai ka sake kunnawa ba. Amma shi ɗan tsaye ne a bakin ƙofa: yana tare abin da ka danna ya musanya shi kafin ya isa manhajar da kake ciki, don haka dole ya kasance a kunne kullum. Idan ya rufe, ko bai gama tashi ba bayan ka kunna kwamfuta, Caps Lock ɗinka ya koma Caps Lock. A shafin sa kalmar sirri ba ya aiki sam, wato idan ka yi kuskuren harafi a can ba ka da abin gogewa. Haka kuma a duk tagar da aka buɗe da izinin mai kula, sai in shi ma da wannan izinin ka tashe shi. Ƙara da cewa fayil ɗinsa ya haura megabait 200, kuma yana zuwa da tarin kayan da ba ka nema ba, a kan ram 4. Sai kuma Windows 10 ɗinka ta kai sigar 2004 ko sama kafin ya yarda ya hau.

Inda ya fi SharpKeys, don a yi masa adalci, shi ne haɗa maɓallai. SharpKeys ɗaya da ɗaya kawai ya sani: wannan ya zama wancan, ko a kashe shi gaba ɗaya. Ba zai iya sa Caps Lock ya zama Ctrl+C ba, ba zai iya ware gyara ga manhaja ɗaya ba. Wanda yake son irin wannan, PowerToys ne nasa. Kai kuwa maɓalli ɗaya ka rasa, ɗaya kake nema.

Yanzu abin da za ka yi asara. Gyaran SharpKeys na kwamfutar ne gaba ɗaya, ba naka kai kaɗai ba. Duk wanda yake shiga da sunansa zai tarar da shi, kuma idan ka jona kibod na igiya shi ma Caps Lock ɗinsa zai koma gogewa. Ka gaya wa duk wanda kuke amfani da ita tare, in ba haka ba zai danna don ya rubuta kanun babi ya ga yana cinye masa haruffa. Manyan haruffa kuma sai da Shift. Ga kanun babi na furojet, ka rubuta da ƙanana, ka zaɓe su a Word ka danna Shift+F3 har su zama manya (a wasu laftof sai ka haɗa da Fn). Idan ka ji ba za ka iya rayuwa babu Caps Lock ba, ƙara layi na biyu a SharpKeys ka ba Ctrl na dama aikinsa, tunda mutane kaɗan ne suke taɓa shi. Amma kada ka sadaukar da Alt na dama idan kana rubutun Hausa da tsarin kibod ɗin Hausa na Windows, domin da shi ake fitar da ɓ da ɗ da ƙ. Maɓallin Fn kuwa ka manta da shi, a yawancin laftof Windows ba ta ma jin sa, don haka duka biyun ba sa iya taɓa shi.

Kafin ka yi komai, buɗe Notepad ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Idan Backspace kaɗai ne ya mutu, gyaran nan zai kai ka har ƙarshen furojet da bayansa. Idan kuwa ka tarar da wasu uku ko huɗu sun mutu tare da shi, to ba maɓallin ba ne, layin wutar da suke tarayya a kai ne ya yanke, ko igiyar kibod ɗin ta saki daga mazauninta, ko ruwa ya taɓa shiga. Wannan yakan ci gaba da yaɗuwa, ka fara tanadin kuɗin sabon kibod. Kuma kada ka taɓa musanya maɓallin da yake cikin kalmar sirrinka. Idan hakan ta faru ka maƙale a waje, akwai alamar Ease of Access a ƙasan shafin shiga, ka buɗe On-Screen Keyboard ka shiga da linzami, shi gyaran ba ya shafarsa.

Ba ka tambaya ba, amma ga gargaɗi. Wannan dabarar da muke amfani da ita don rufin asiri, wasu masu sayar da laftof na hannu suna amfani da ita don rufe aibi. Za a ba ka ka gwada, ka buga sunanka ka ga komai lafiya, alhali an ɗauke aikin wani mataccen maɓalli an ɗora wa maƙwabcinsa, ko an kashe wani da yake danna kansa. Duk sanda za ka sayi ta hannu, ka rubuta wannan a Command Prompt tun kana shagon:

```
reg query "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Keyboard Layout" /v "Scancode Map"
```

Idan ta ce ba ta samu ba, ba a taɓa wurin ba. Idan ta fito da doguwar lamba, ka tambayi mai shagon wane maɓalli ya canja da dalili, ka kuma duba kusa da agogo ko akwai wata manhajar musanya maɓallai a kunne. Haka nan duk mai gyaran da ya ce maka sai ya sake wa kwamfutar Windows kafin Backspace ya dawo, ka ce ya fara jona kibod na igiya a gabanka. Idan Backspace na wancan ya goge, Windows lafiyarta ƙalau, kuɗinka yake so. Kuma kada ka biya kowa ko sisi don SharpKeys, kada ka sauko da shi daga shafukan nan masu maɓallin Download guda biyar.

Ka yi Notepad ɗin tukuna. Idan Backspace kaɗai ne, sa SharpKeys yau, Caps Lock a hagu, Backspace a dama, ka sake kunnawa ka koma kan furojet ɗinka.