Wasiƙa daga Jamus: ma'aikaci na hutu, aiki na tafiya

Yaya, bayan gaisuwa. Ka tambaye ni yadda ofisoshin nan suke, to ga wani ƙaramin abu da nake so mu ɗauka.

A Jamus doka ta ba mai aikin kwana biyar a mako hutun aƙalla kwana 20 a shekara, wurare da dama ma 30 suke bayarwa. Saboda haka ba wuya ka rubuta wa mutum imel ka tarar ba ya nan. Amma kafin ka tashi daga zaune amsa ta shigo da kanta, wadda ya tsara tun kafin ya tafi.

A watan Disamba na'urar ɗumama gidanmu ta tsaya, ana tsananin sanyi. Na rubuta wa matar da ke kula da gidajen haya a kamfanin. Amsar ta ce za ta dawo ranar 6 ga Janairu, kuma ba a tura saƙonninta ga kowa. Sannan ta raba hanya biyu: maganar kuɗin haya a nemi abokiyar aikinta, ga adireshi, in ruwa ne ko ɗumama ya lalace, ga lambar gaggawa. Na buga, washegari mai gyara ya zo.

Wannan jimlar ta "ba a tura saƙonnina" ita ce ta fi min amfani. Da babu ita, da na zauna ina tsammanin wani ya karanta, alhali saƙon yana kwance har sabuwar shekara. Likitocin unguwa ma haka suke: in sun rufe, muryar da ke wayarsu kan faɗi likitan da ya riƙe musu, da 116117, lambar likitan ko-ta-kwana.

A gida kuwa ka san zancen: "Oga bai shigo ba, ka dawo gobe." Ka ƙona kuɗin mota, masinja bai san ranar dawowa ba, fayil na kulle a durowa. Gaskiya muna da abin da ba su da shi, don in ka san mutum ko yana ƙauye wajen biki zai ɗaga waya ya taimake ka. Amma wanda bai san kowa ba fa?

Ba kuma kullum abin ke tafiya daidai a nan ba. Wani zai rubuta "sai Litinin" babu kwanan wata, wani ya tura ka wurin wanda shi ma yana hutu. In ka ga ranar da aka rubuta ta riga ta wuce, mantawa aka yi ba a kashe ba, ka buga waya kawai. Kuma kada ka goge amsar: Outlook sau ɗaya yake aiko wa kowane mutum, Gmail kuwa sai bayan kwana huɗu yake maimaitawa.

Tunda za ka tafi Umara, ka buɗe "Vacation responder" a Gmail ɗin shagonka. Ka sa ranar dawowa da lambar yaron shago, amma ka fara gaya masa abin da zai iya yankewa da kansa, kamar farashi da bashi, da abin da zai jira ka.

Ka gaida Hajiya da yara.